Zubi nawa ake buƙata kafin sakamakon caca ya nuna ƙwarewa ko sa'a?

Mutumin da ya yi zubi ɗari a cacar wasanni ya fita da riba yakan ɗauka cewa ya gano wani abu da sauran mutane ba su gano ba, shi kuma wanda ya yi zubi ɗari ya faɗi yakan ɗauka cewa dabararsa ce ta lalace. Lissafi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba, domin zubi ɗari ya yi kaɗan ƙwarai a ce an gane gwani daga mai sa'a. Dalilin haka shi ne abin da masana ƙididdiga suka daɗe suna aunawa, wato yadda sakamako yake tangaɗi hagu da dama a kewayen abin da ya kamata ya kasance, kuma a harkar caca wannan tangaɗin ya fi ribar da ake nema girma nesa ba kusa ba.

Domin a ga abin a fili, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wasa ne mai fuska biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya, kamfanin caca kuma ya sa farashin 1.91 a kowane ɓangare. Wannan farashi, wanda masu caca ke kira od, ma'anarsa ita ce wanda ya zuba ɗaya ya ci za a mayar masa da 1.91, ribarsa ke nan 0.91, wanda ya faɗi kuwa ya rasa ɗayan gaba ɗaya. Da adalci zalla ake yi, da farashin ya zama 2.00, kuma wannan ɗan gibin shi ne kason kamfani. Saboda gibin, cin rabin wasanni bai isa mutum ya mayar da uwar kuɗinsa ba, sai ya ci kashi 52.4 cikin 100. Za mu kuma ɗauka cewa kuɗin da ake zubawa iri ɗaya ne a kowane karo, ta yadda za mu riƙa auna riba da asara da yawan zubi.

Yanzu ga mutum biyu. Na farko ba shi da wata ƙwarewa, zaɓinsa daidai yake da cilla tsabar kuɗi sama, yana cin kashi 50 cikin 100, saboda haka a kan dogon zango yana asarar kashi 4.5 cikin 100 na duk abin da ya zuba. Na biyu gwani ne na gaske wanda yake cin kashi 55 cikin 100, abin da ke ba shi ribar kusan kashi 5 cikin 100. Kada a raina wannan adadi, domin mutumin da ya riƙe irin wannan riba shekara da shekaru a babbar kasuwa yana cikin 'yan ƙalilan. Idan kowannensu ya yi zubi 100, ana buƙatar ci 53 kafin a fita da riba. Lissafi ya nuna cewa gwanin zai kasa kai wa 53 kusan sau uku cikin goma, wato zai kammala da asara duk da cewa zaɓinsa ingantacce ne. Mai cilla tsabar kuɗi shi ma zai kai 53 ko ya wuce kusan sau uku cikin goma, ya tashi da riba alhali bai san komai ba. Wanda aka miƙa wa takardun sakamakon mutanen nan biyu ba tare da suna ba, sau da dama zai nuna marar ƙwarewar ya ce shi ne gwanin.

Ana iya auna faɗin wannan tangaɗi da lamba guda. A farashin 1.91, kowane zubi yana ƙarewa ne da ƙarin 0.91 ko ragin 1, kuma nisan da sakamako yakan yi daga matsakaicinsa ya kai kusan 0.95 na zubi. A kwatanta wannan da ribar gwani a zubi guda, wadda ita ce 0.05. Tangaɗin ya ninka ribar sau 19. Abin da ya sa ƙwarewa take iya bayyana daga baya shi ne cewa waɗannan abubuwa biyu ba sa girma da sauri ɗaya. Ribar da ake tsammani tana ƙaruwa kai tsaye da yawan zubi, idan zubi ya ninka sau huɗu ita ma ta ninka sau huɗu. Tangaɗi kuwa yana bin tushen yawan zubi ne, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan zubin, kamar yadda 10 take tushen 100, 20 kuma take tushen 400. Idan zubi ya ninka sau huɗu, tangaɗi sau biyu kawai yake ninkawa. Abraham de Moivre ne ya fito da wannan ƙa'ida a 1733, bayan aikin Jacob Bernoulli da aka buga a 1713, wanda ya tabbatar da cewa yawan gwaji yana kusantar da sakamako zuwa ga ainihin yiwuwar abu.

Idan muka ɗora wannan a kan gwaninmu, bayan zubi 100 ana tsammanin ribar zubi 5, amma faɗin tangaɗin 9.5 ne, kusan ninki biyu na ribar. Bayan zubi 400 riba ta kai 20, tangaɗi ya kai 19, sun zo kafaɗa da kafaɗa, kuma har yanzu yana iya kasancewa cikin asara kusan sau ɗaya cikin bakwai. Bayan zubi 1,000 riba ta kai 50, tangaɗi yana 30, yiwuwar asara ta sauka zuwa kusan sau ɗaya cikin ashirin. Mai cilla tsabar kuɗi ma bai gama ruɗar mutane ba a nan, domin bayan zubi 1,000 kusan mutum 7 cikin 100 na irinsa suna nan da riba a hannu.

Al'adar masana ƙididdiga ita ce kada a ɗauki sakamako da muhimmanci sai ya kai ninki biyu na faɗin tangaɗi, saboda sa'a kaɗai ba ta cika kai mutum can ba, sai kamar sau biyu ko uku cikin ɗari. Daga wannan ake samun hanya mai sauƙi ta ƙiyasta yawan zubin da ake buƙata, domin faɗin tangaɗin zubi guda ya yi kusa da tushen farashi bayan an cire masa ɗaya:

```
n = 4 × (farashi − 1) ÷ riba²
```

Ana rubuta riba a nan da ɗigo, wato kashi 5 cikin 100 ya zama 0.05. Ga gwanin da ke zubi a 1.91, amsar ita ce kusan zubi 1,450. Amma akwai abin da masu kawo wannan lissafi suke yawan tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. A zubi 1,450 matsakaicin ribar gwanin ne ya kai layin da aka shata, wanda ke nufin rabin gwanaye irinsa za su haye layin, rabi kuma za su tsaya ƙasa da shi saboda sa'a ta ɗan juya musu baya. Idan ana so gwani na gaske ya haye layin sau takwas cikin goma, sai an ninka adadin, ya koma kusan zubi 2,900. Mutumin da ke zubi biyar a kowane mako zai shafe fiye da shekara goma kafin ya tara wannan adadi.

Ya kamata kuma a bambanta tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa. Tambayar ko mutum ya fi mai cilla tsabar kuɗi tana da sauƙin amsawa, domin tazarar da ke tsakanin asarar kashi 4.5 da ribar kashi 5 ta kai kashi 9.5 cikin 100, kuma zubi 400 na iya fara nuna ta. Sai dai fin mai cilla tsabar kuɗi ba ya nufin riba, tunda wanda ke cin kashi 52 cikin 100 ya san wani abu game da wasanni amma kuɗinsa na ci gaba da raguwa a hankali. Tambayar da ta shafi aljihu ita ce ko ƙwarewar ta isa ta haye kason kamfani, kuma ita ce take buƙatar dubban zubi.

Lissafin na sama ya nuna abubuwa biyu da ke sa adadin ya yi tashin gwauron zabi. Na farko shi ne ƙanƙantar riba, saboda ana ninka ta da kanta ne a ƙasan lissafin. Wanda ribarsa ta gaskiya kashi 2 cikin 100 ce a farashin 1.91 yana buƙatar kusan zubi 9,100, fiye da ninki shida na abin da mai kashi 5 yake buƙata. Na biyu shi ne tsawon farashi, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Mai zubi a farashin 5.00 wanda ke cin kashi 21 cikin 100 shi ma ribarsa kashi 5 ce, daidai da gwaninmu, amma faɗin tangaɗinsa a zubi guda ya kai 2, saboda haka sai ya yi zubi 6,400 kafin ya isa layin. A farashin 10.00 adadin ya zama 14,400. Mai haɗa wasanni da yawa a tikiti guda kuwa lamarinsa ya fi muni ta fuska biyu. Idan ya haɗa wasa biyar masu farashin 1.91, farashin tikitin ya haura 25, yawan tikitin da ake buƙata idan ribarsa a kan tikiti kashi 5 ce ya kai kusan 39,000, sannan kason kamfani yana hawa kan juna har asarar marar ƙwarewa ta tashi daga kashi 4.5 zuwa sama da kashi 20 cikin 100. Tikiti guda da ya ci yana iya sa takardar shekara guda ta yi kyau, kuma ba ya nuna komai game da ƙwarewa.

Tsawon farashi yana kuma canza yadda jerin faɗuwa yake kasancewa, abin da ke sa mutane su watsar da dabara mai kyau ko su ninka kuɗin zubi don huce haushi. Gwanin da ke cin kashi 55 cikin 100, idan ya yi zubi 1,000, abu ne da ake tsammani ya faɗi kusan sau takwas a jere a wani wuri cikin tafiyar. Mai zubi a farashin 5.00 kuwa ya sa ran faɗuwa fiye da sau ashirin a jere. Irin wannan jeri ba hujja ba ce cewa dabara ta mutu, kamar yadda ci takwas a jere ba hujja ba ce cewa ta inganta.

Ga yadda ake karanta takardar sakamako ta ainihi. A ce wani ya kawo zubi 250 a matsakaicin farashi 1.91, ya ci 145. Abin da ya dawo masa shi ne 145 sau 1.91, kusan 277, ribarsa ke nan zubi 27, ko kashi 10.8 cikin 100 na abin da ya zuba. A ido wannan sakamako ne mai ban sha'awa. Amma tushen 250 shi ne 15.8, idan aka ninka shi da 0.95 faɗin tangaɗin ya zama zubi 15. Ribar 27 ta ninka 15 sau 1.8 ne kawai, ba ta kai biyu ba. Wata hanyar faɗin haka ita ce faɗin tangaɗin ya kai kashi 6 cikin 100 na abin da aka zuba, saboda haka ainihin ribar mutumin tana iya kasancewa ko'ina daga asarar kashi 1 zuwa ribar kashi 23 cikin 100. Takardar ta ba da dalilin ci gaba da lura da shi, kuma ta nuna cewa da wuya ya zama mai cilla tsabar kuɗi zalla, amma ba ta tabbatar da cewa yana da riba mai ɗorewa ba. Ko da gwani ne, abin da ya fi yiwuwa shi ne ribarsa ta gaskiya ta yi ƙasa da kashi 10.8 sosai, domin sakamako mai kyau irin wannan yawanci ƙwarewa ce da sa'a suka haɗu, sa'ar kuma ba ta da dalilin maimaita kanta.

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan cewa mutum guda aka zaɓa tun farko aka ce za a bi sakamakonsa. A zahiri ba haka abin yake faruwa ba, domin waɗanda suka yi nasara ne suke fitowa su nuna takardunsu, waɗanda suka faɗi kuma su yi shiru. Idan mutum 1,000 marasa ƙwarewa suka yi zubi 100 kowannensu, kusan 28 daga cikinsu za su ci 60 ko fiye, wato ribar da ta haura kashi 14 cikin 100. Waɗannan 28 ɗin su ne za su fara sayar da hasashe, kuma da yawansu ba ƙarya suke yi ba, sun yarda da kansu ne da gaske. Ana iya matsa misalin gaba. A ƙaddara, don misali kawai, cewa cikin mutum 1,000 akwai gwanaye 20 masu cin kashi 55, sauran 980 kuma masu cilla tsabar kuɗi ne. Bayan zubi 100, gwanaye kusan 14 ne za su kasance da riba, tare da marasa ƙwarewa kusan 300, ke nan cikin masu riba gwani bai kai ɗaya cikin ashirin ba. Bayan zubi 1,000, gwanaye 19 suna da riba, marasa ƙwarewa kusan 68 su ma suna da ita, wato har yanzu marasa ƙwarewa sun ninka gwanaye fiye da sau uku a cikin masu riba. Wannan ne ya sa layin ninki biyu bai wadatar ba idan an zaƙulo mutum ne daga cikin taro saboda kyan sakamakonsa. Hanyar da ta dace ita ce a ajiye tsohuwar takardarsa gefe, a fara ƙidaya daga ranar da aka soma lura da shi.

Irin wannan tarko yana kama mutum shi kaɗai ma. Wanda ya gwada dabaru ashirin a kan sakamakon wasannin da suka wuce, ya ɗauki wadda ta fi riba, ya yi daidai da wanda ya zaɓi zakara daga cikin masu cilla tsabar kuɗi ashirin. Haka ma wanda ya duba takardarsa ya ce idan aka cire wasannin wata gasa, ko aka bar wasannin gida kaɗai, ribar ta fito. Duk yankan da aka yi bayan an ga sakamako yana ƙirƙirar ribar da ba ta wanzu ba. Wanda kuma yake duba lissafinsa kowane mako yana jiran ranar da zai haye layi ya ce ya tabbatar, ya ba sa'a dama da yawa maimakon guda, saboda haka yawan zubin da za a yi hukunci a kansa ya kamata a tsayar da shi tun kafin a fara.

Akwai sharuɗɗa biyu da lissafin ya ginu a kansu waɗanda sukan karye. Dole zubi su kasance ba su rataya da juna ba. Mutumin da ya zuba cewa wata ƙungiya za ta ci, ya sake zuba cewa ɗan wasan gabanta zai zura ƙwallo, ya ƙara da cewa ita za ta fara ci, ya rubuta zubi uku a takarda, amma kusan ra'ayi guda ya zuba wa kuɗi sau uku, kuma tangaɗinsa ya fi abin da lissafin zai nuna. Dole kuma kuɗin zubi ya kasance kusan iri ɗaya. Idan wasu 'yan zubi sun ninka sauran sau goma, su kaɗai ne suke yanke hukuncin riba ko asara, takardar zubi 500 ta koma kamar ta zubi hamsin. Maganin wannan shi ne a sake lissafa takardar kamar an zuba kuɗi ɗaya a kowane karo.

Tunda jiran dubban zubi ya fi ƙarfin yawancin mutane, masu nazarin harkar sukan duba wani ma'auni dabam, wato farashin da kasuwa ta rufe a kansa daf da fara wasa. A manyan kasuwanni, zuwa wannan lokaci labarin rauni, jerin 'yan wasa da kuɗin masu sani duk sun shiga cikin farashi, shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin ƙiyasi mafi kusa da gaskiya. Idan mutum ya zuba a 2.10, kasuwa kuma ta rufe a 1.91 a ɓangarori biyu, farashin adalci bayan cire kason kamfani shi ne 2.00, ke nan ya samu farashin 2.10 a kan abin da farashinsa na adalci 2.00 ne, fifikon kashi 5 cikin 100, ko wasan ya ci ko bai ci ba. Amfanin wannan ma'auni shi ne motsin farashi ƙarami ne idan aka kwatanta da ci ko faɗuwa, tangaɗinsa ya ragu sosai, saboda haka ɗaruruwan zubi kan isa a ga ko mutum yana yawan riga kasuwa. Dole ne dai a cire kason kamfani kafin a kwatanta, domin wanda ya zuba a 1.95 kasuwa ta rufe a 1.91 ya fi farashin rufewa amma bai kai farashin adalci ba, har yanzu yana cikin asara.

Wannan ma'auni ma yana da iyakarsa. Yana aiki ne inda kuɗi masu yawa suke shiga kasuwa har farashin rufewa ya zama abin dogaro, a ƙananan gasanni kuwa zubin mutum guda yana iya motsa farashin, mai hasashen da ke da mabiya da yawa kuma zai ga farashi ya sauka bayan ya yi magana saboda mabiyansa sun zuba, ba don ya yi daidai ba. Sannan duka hanyoyin biyu suna ɗauka cewa ƙwarewar da ake aunawa tana nan yadda take daga zubin farko zuwa na ƙarshe. Kamfanoni suna gyara farashinsu idan suka gano inda ake cin su, wasu kuma suna rage yawan kuɗin da suke karɓa daga mai yawan nasara, saboda haka takardar da ta ɗauki shekara biyar ko goma kafin ta cika tana iya tabbatar da fifikon da ya wanzu a shekarun farko amma ya riga ya gushe. Hanyar gano haka ita ce a raba takardar gida-gida bisa lokaci, a duba ko tazarar da ke tsakanin farashin da aka zuba da farashin rufewa tana nan a zubi ɗari biyu ko uku na baya-bayan nan kamar yadda take a na farko.